Raddi ga masu cewa "kuɗi kuɗi ne, a cire daga jimla kawai"

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a tsakanin 'yan kasuwarmu na Gwarzo da Kabo, musamman dillalan hatsi da ke loda masara da waken suya zuwa kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano. Idan kamfani ya turo kuɗi dunƙule guda, ya haɗo da takardar da ta jero inbois uku ko huɗu da kuɗin suka shafa, sai a ce ba sai an ɓata lokaci kan takardar ba. A duba abin da ya shigo, a cire shi daga jimlar bashin da ake bin kamfanin, abin da ya rage shi ne saura. Idan kuma dole sai an rufe wani inbois a littafi, to a fara da mafi tsufa.

Masu wannan ra'ayi ba ragwaye ba ne, kuma suna da hujja. Suna cewa naira ba ta da suna a goshi, wadda ta biya kayan jiya ita ce za ta biya na yau. Suna cewa ko ta wace hanya aka bi, jimlar abin da ya rage ba ta canzawa. Suna cewa al'adar da muka gada ita ce tsohon bashi ake fara saukewa. Sannan suna cewa a lokacin kaka, mutumin da ke tsakanin Getso da Kutama da Lakwaya yana haɗa kaya ba shi da sukunin zama yana bin layuka da biro. Duk waɗannan maganganu suna da ƙamshin gaskiya, kuma akwai wurin da suke daidai, zan zo kansa. Amma a wurin da kamfani ya aiko da takardar bayanin biya, bin wannan hanya kuskure ne mai cin dukiya, kuma ina so in nuna yadda yake cin ta.

Mu fara da sanin takardar kanta. Inbois shi ne takardar da mai kaya ke rubutawa yana cewa na kawo kaza, kuɗinsa kaza, kuma kowanne yana da lambarsa. Takardar bayanin biya kuwa daga wajen mai saye take fitowa. Akantan kamfani ne ke cewa: kuɗin da muka turo maka yau na inbois mai lamba kaza ne da mai lamba kaza, ga abin da muka cire daga kowanne, ga dalili, ga abin da ya rage muka biya. Wato takardar ita ce bakin kuɗin. Banki yana kawo adadi ne kawai da ɗan gajeren rubutu da ba ya ɗaukar lambobi huɗu da bayaninsu. Wanda ya ajiye takardar gefe ya karɓi kuɗin, amma ya ƙi sauraron abin da aka aiko su su faɗa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi dalla-dalla. Farashin da zan sa na misali ne, don lissafi ya fito fili. A ce wani dillali a Gwarzo ya kai wa wani kamfanin abincin kaji kaya sau huɗu a wata guda. Inbois mai lamba 041 na masara ne buhu 100 a kan naira 40,000, ya kama 4,000,000. Mai lamba 044 na waken suya ne buhu 50 a kan 70,000, ya kama 3,500,000. Mai lamba 047 masara ce buhu 60, kuɗinta 2,400,000. Na ƙarshe, 052, masara buhu 40, kuɗinta 1,600,000. Jimlar abin da yake bin kamfanin naira 11,500,000 ke nan.

Ranar biya sai alat ya shigo wayarsa: naira 7,271,600. Mai bin hanyar da muke magana a kai zai cire wannan daga 11,500,000, ya rubuta saura 4,228,400. Lissafinsa bai yi kuskure ba ko da kwabo. Sai ya zo rufe inbois, ya fara da mafi tsufa: ya soke 041 gaba ɗaya, ya zuba ragowar a kan 044 har ya rage 228,400, ya bar 047 da 052 a buɗe a matsayin waɗanda ba a taɓa ba.

Yanzu mu buɗe takardar da kamfanin ya aiko. Layi uku ne a cikinta, kuma babu 041 ko kaɗan. Layin farko na 044 ne: 3,500,000, an cire haraji 70,000, an biya 3,430,000. Layi na biyu na 047 ne: 2,400,000, an cire 80,000 saboda kamfanin ya ce buhu 58 ya karɓa ba 60 ba, sannan an cire haraji 46,400 daga 2,320,000 da suka rage, an biya 2,273,600. Layi na uku na 052 ne: 1,600,000, an cire haraji 32,000, an biya 1,568,000. Idan aka haɗa abin da aka biya a layukan uku, 7,271,600 ne cif, daidai da abin da ya shigo banki.

Ga amsar hujja ta farko, wadda ke cewa jimla ba ta canzawa. Gaskiya ne ba ta canza ba, 4,228,400 ɗin nan tana nan. Amma abu uku ne daban-daban aka cusa a cikinta, kuma kowanne ƙofar da ake bin sa daban. Naira 4,000,000 inbois 041 ne da kamfanin bai biya ba, wanda ya kamata a tambayi dalilin tsallake shi tun yau. Naira 148,400 haraji ne da kamfanin ya riƙe don ya kai wa hukuma da sunan dillalin, ba bashi ba ne a kan kamfanin kuma, abin da ake bin sa a nan takardar shaida ce. Naira 80,000 kuwa magana ce ta buhu biyu, wadda ko dai a amince a yafe, ko a fito da takardar rakiyar kaya da direba ya dawo da ita a ƙalubalanta. Wanda ya rubuta adadi guda a littafinsa ya san nawa ne, amma bai san na mene ne ba, don haka bai san wa zai tambaya ba, bai san me zai tambaya ba.

Ku dubi abin da zai faru bayan mako uku. Dillalin zai kira akantan kamfani ya ce, ranka ya daɗe, ina bin ku 047 da 052. Akanta zai duba na'urarsa ya ce, Alhaji, waɗannan an biya su tun ranar kaza, ga lambar biyan. Alhaji zai ga kamar ana so a cinye masa kuɗi, akanta zai ga kamar ana so a karɓi kuɗi sau biyu, alhali babu maƙaryaci a cikinsu. Shi kuma 041, wanda shi ne ainihin bashin, babu mai ambatonsa, domin a littafin Gwarzo an soke shi, a littafin Kano kuma yana ajiye cikin waɗanda aka dakatar. Abin da ya ƙara rufe ido a misalin nan shi ne 047 da 052 idan aka haɗa su sun kama 4,000,000, daidai da kuɗin 041. Irin wannan dacewar ba baƙon abu ba ne ga wanda yake sayar da kaya iri ɗaya a farashi ɗaya, domin buhu 60 da buhu 40 dole su yi kuɗin buhu 100.

Me zai sa kamfani ya tsallake tsohon inbois ya biya sababbi? Ba lallai ne mugunta ba. Ofishin biya na kamfani ba ya sakin kuɗi sai takardu uku sun haɗu: odar da suka bayar, shaidar da mai sito ya rubuta cewa kaya sun shigo, da inbois ɗin mai kaya. Idan shaidar sito ta ɓace, ko masu awon danshi sun ce masarar ba ta bushe yadda aka yi sharaɗi ba, ko farashin inbois ya saɓa da na oda, sai a dakatar da wannan a wuce zuwa na gaba. Tsallakewar ita kanta saƙo ce. Kuma irin wannan matsala tana da saurin warwarewa ne tana ɗanya, lokacin da direban yana tuna ranar, mai sito bai canza ba, masarar ma wataƙila ba a niƙa ta ba. Bayan wata huɗu sai a koma rantsuwa da neman shaidu.

Hujja ta biyu ita ce tsohon bashi ake fara biya. A nan nake so a yi haƙuri da ni, domin masu faɗin haka sun ɗauki hukuncin wani wuri ne sun kai wani wuri. A dokar ciniki da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila, wanda ake bi bashi fiye da ɗaya shi ke da haƙƙin farko na faɗin wanda yake biya a lokacin da yake miƙa kuɗin. Idan ya yi shiru ne zaɓin ke komawa ga mai bin bashin. Ƙa'idar fara cire mafi tsufa, wadda aka fi sani da shari'ar Clayton ta shekarar 1816, ta shafi asusu ne mai gudana wanda ake zubawa ana ɗiba, kuma tana aiki ne idan babu wanda ya fayyace komai. Takardar bayanin biya kuwa fayyacewa ce a rubuce. Da zarar ta iso, mai kaya ba shi da ikon karɓar kuɗin ya kai su inda mai biya bai ce ba.

Malamanmu na fikihun Malikiyya ma ba su ɗauki kuɗi a matsayin abin da ba shi da alƙibla ba. A babin jingina sun tattauna mutumin da ake bi bashi biyu, ɗaya da jingina ɗaya babu, ya biya wani abu, daga baya suka saɓa kan wanne ya biya. Hukuncin da aka ambata shi ne su rantse, sannan a raba kuɗin tsakanin basussukan biyu. Da a ce mafi tsufa ne kullum ke cinye biya, da ba a buƙaci wannan tattaunawa ba. Kuma ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, da ta yi umarnin rubutawa, ta ɗora shiftar abin da za a rubuta ne a kan wanda ake bi.

Inda ra'ayin nan yake daidai shi ne tsakanin mai kanti da maƙwabcinsa da ke ɗaukar sukari da sabulu a rubuta, ya kawo abin da ya samu ranar kasuwa. Babu inbois, babu lamba, babu wanda ya ce na kaza ne. A nan a cire daga jimla, ba laifi. Matsalar ita ce ɗaukar wannan sauƙin a kai shi ga kamfanin da ke riƙe kowane inbois a matsayin magana mai zaman kanta.

Hujja ta uku ta fi ɓoyuwa. Idan aka ga kuɗin da suka shigo sun gaza kuɗin inbois da ɗan wani abu, sai a ce cajin banki ne, a wuce. Cajin tura kuɗi tsakanin bankuna bai wuce 'yan nairori ba, kuma daga asusun mai turawa ake cire shi. Naira 50 da ake karɓa a kan kuɗin da suka kai 10,000 ita ma layinta daban take fitowa a takardar banki, ba ta rage adadin da aka turo. Don haka giɓin dubu ɗari biyu da 'yan kai ba na banki ba ne, yana da mai shi.

Mafi yawan irin wannan giɓi harajin da ake cirewa tun daga tushe ne. A ƙa'idojin da Ministan Kuɗi Wale Edun ya fitar a 2024, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, kashi 2 cikin ɗari ake cirewa daga kuɗin kawo kaya, kuma ana ninka shi ga wanda ba shi da lambar shaidar biyan haraji. Ƙa'idojin sun kuma keɓe wasu, kamar kayan da mai kawowa shi ya ƙera su da kansa, da cinikin nan take na hannu da hannu. Wannan kuɗi ba kyauta ba ne ga kamfani. Wani ɓangare ne na harajin dillalin da aka biya masa tun kafin lokaci. Idan shi kaɗai ne da sunan kasuwancinsa, Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano ake kai wa, idan kamfani ne mai rajista sai a kai wa hukumar tarayya. Ranar da hukuma ta zo lissafin harajinsa, takardar shaidar cirewar ce za ta sa a rage masa 148,400 ɗin nan. Wanda ya kira shi cajin banki bai nemi takardar ba, kuma zai iya biyan haraji ɗaya sau biyu.

Bin layi-layi ne kuma ke nuna ko an cire daidai. A layin 047 na misalinmu, kamfanin ya cire harajin daga 2,320,000, wato bayan an fitar da buhu biyu. Da daga 2,400,000 ya cire, da ya ɗauki 48,000, ya zarce da 1,600 a kan kayan da shi da kansa ya ce bai karɓa ba. Haka nan idan ka ga an cire 140,000 daga inbois na 3,500,000, kashi 4 ke nan, alamar ba su da lambar harajinka a wajensu, kuma gyaran bai wuce aika musu ita ba. A jimla ba a ganin ko ɗaya daga waɗannan.

Saura maganar lokaci. Aikin ba shi da tsawon da ake zato idan aka bi shi a tsare. Abu na farko, a tabbatar kuɗin sun shiga a cikin asusun kansa, ta manhajar banki ko takardar bayanin asusu, domin saƙon waya ana ƙirƙirar na bogi, ita ma takardar bayanin biya sanarwa ce kawai, ba kuɗi ba ce. Wannan shi ne kuskuren da ke ɗaya gefen: wasu suna ganin takarda su soke inbois tun kuɗi ba su iso ba. A duba sunan wanda ya turo, da ranar, da adadin. Daga nan a haɗa layukan takardar da hannu a ga ko sun ba da jimlar da ke ƙasa, a ga kuma ko jimlar ta yi daidai da abin da ya shigo. Sai a ɗauki layi ɗaya, a nemo inbois ɗinsa a littafi, a gwada adadin asali, a rubuta a gefensa abu uku: abin da aka biya, abin da aka riƙe na haraji, abin da aka cire na wani dalili. Inbois ba ya rufuwa sai waɗannan uku sun haɗu sun ba da kuɗinsa na asali, kuma an amince da na ukun. A misalinmu 044 da 052 sun rufu, 047 yana jiran hukuncin buhu biyu, 041 yana nan yadda yake.

Idan aka samu saɓani, shi kansa giɓin yana faɗin inda ya fito. A raba shi da farashin buhu: idan ya rabu daidai, maganar adadin kaya ce. A gwada shi da kashi 2 ko 4 cikin ɗari na inbois: idan ya dace, haraji ne. Idan ya yi daidai da kuɗin wani inbois sukutum, an tsallake shi ne ko an maimaita. Idan kuma ya rabu da 9 babu saura, a yi zargin an juya lambobi biyu wajen rubutu, kamar a rubuta 3,340,000 a madadin 3,430,000, inda bambancin yake 90,000. Wani lokaci kuma kamfani kan raba biya ɗaya gida biyu saboda iyakar abin da banki ke bari a tura, sai takarda ɗaya ta dace da shigowar kuɗi biyu. A duba ranar da ta biyo baya kafin a ɗaga murya.

Abu ɗaya da ke wahalar da mutanenmu shi ne kamfani kan sa lambarsa ta oda ko ta baucan biya a takardar, ba lambar inbois ɗin mai kaya ba. Maganinsa tun ranar lodi ake yin sa: a rubuta lambar odar kamfani da lambar mota da ranar tashi a jikin kowane inbois, a ajiye kwafin takardar rakiyar kaya da mai sito ya sa wa hannu a manne da shi. Ranar da aka ce buhu 58 aka karɓa, wannan kwafin ne zai yi magana. Idan sa hannun mai sito yana kan 60, kamfani ne zai mayar da 80,000. Idan yana kan 58, to maganar ta koma tsakanin dillali da direba da 'yan dako, kuma gara a yi ta a makon.

Akwai kuma ranar da kuɗin za su fi abin da ake bi, ko a ga layi mai lambar da babu ita a littafi. Sunaye a ƙasarmu suna kama da juna, kuma ofishin biya kan tura kuɗin wani mai kaya ga wani. Mai cirewa daga jimla ba zai lura ba, zai haɗiye haƙƙin wani cikin rashin sani, har ranar da kamfani ya gano ya zare shi daga biya na gaba ba tare da sallama ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta rarar a gefe da sunan kuɗin da ba a san inda za a kai su ba tukuna, kada a zuba su kan kowane inbois, a sanar da kamfani a rubuce.

Wasu za su ce amana ke tsakaninsu da kamfanin, shekara da shekaru ba a taɓa cutar su ba, bin diddigi kamar zargi ne. Akantan da ya zauna ya jero layukan nan ya yi hakan ne don a duba, kuma babu abin da ya fi sauƙaƙa masa aiki kamar saƙon da ya zo da lamba. A misalinmu saƙon da dillalin zai aika a ranar bai wuce jimla uku ba: mun ga 7,271,600, mun rufe 044 da 052 kamar yadda kuka rubuta, a kan 047 ga hoton takardar rakiyar kaya, a duba maganar buhu biyu, muna neman dalilin dakatar da 041 da kuma takardar shaidar harajin 148,400.